Ta turo saƙo da tsakar dare: shawara take so ko mai saurare?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanwata ce ke aure a Daura, ta haihu wata biyu ke nan, haihuwar fari. Shekaranjiya wajen ƙarfe 2 na dare ta turo mani saƙon murya na minti huɗu. Ta ce tun da ta koma ɗakinta daga wanka, maigidan ba ya shigowa sai dare ya raba, uwar mijinta kullum cikin gyara mata riƙon yaro take, ita kuma ko barcin kirki ba ta samu. A ƙarshe ta ce, "Ni dai na gaji, Yaya. Ban ma san me ya sa nake gaya maki ba. Don Allah kada Inna ta ji." Na rubuta mata doguwar nasiha na goge, na sake rubutawa na goge. Abin da na iya turawa kawai shi ne "Allah ya kawo sauƙi". Ta ce "amin", shi ke nan. Shawara take nema ko so take a saurare ta? Ina tsoron in yi shiru ta ga ban damu ba, in yi magana kuma in ɓata.
— Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaron, ya ba maijego lafiya. Goge nasihar nan da kika yi har sau biyu daidai ne, kuma ina so ki riƙe wannan a ranki tun yanzu, don na ga kamar kina zargin kanki.

Bisa ga kalmominta, kunne take nema tukuna. Amma ba zan so ki tsaya a kan hasashena ko naki ba, domin akwai hanyar da za ta faɗa maki da bakinta abin da take so. Akwai kuma abu na uku da ba ki tambaya ba, wanda ni ya fi tsaya mani a rai: mace mai wata biyu da haihuwa, ba barci, tana cewa ta gaji da ƙarfe 2 na dare. Zan zo kansa. Na yi shekaru ina aikin jinya, mafi yawansu tare da masu juna biyu da masu jego, daga baya kuma a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, irin wannan saƙon kuwa na ji shi a bakin mata da yawa, wasu a kan benci suna jiran awo, wasu a waya.

Ki sake sauraron saƙon, ki nemi abu guda: akwai tambaya a ciki? Mai neman shawara yakan zo da hanyoyi biyu a hannunsa, yana so a taya shi zaɓa. Za ki ji ta ce, "In yi mashi magana ko in ƙyale shi?" ko "Gobe za ta sake zuwa, me zan ce mata?" Akwai lokaci a maganar, akwai abin da za a yanke. Ita kuwa ƙanwarki ta yi minti huɗu tana magana ba ta ɗora maki tambaya ko ɗaya ba. Ta jero abin da ke faruwa, ta faɗi yadda take ji, ta rufe. Da ta ce ba ta san dalilin gaya maki ba, gaskiyarta ta faɗa. Ciki ne ya cika har ya kawo wuya, ta duba wa za ta juye wa, ta ga ke.

Sai batun Inna. Ki yi tunanin abin da zai biyo baya idan maganar ta isa kunnen mahaifiyarku. Ko dai ta kira ta ta yi mata faɗan cewa zaman aure ɗan haƙuri ne, ko kuma ranta ya ɓaci ta sa a yi wa dangin miji magana, kafin a ankara manya sun shiga. Duka biyun mataki ne. Wadda ta roƙi kada Inna ta ji tana gaya maki cewa ba ta shirya wa mataki ba tukuna. Wannan ita ce alama mafi ƙarfi a duk saƙon.

Sai dai a ƙasarmu alamun nan ba sa yanke hukunci su kaɗai. An rene mu da kunya da zurfin ciki, ana gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙanwa ba ta cika buɗe baki ta ce wa yayarta "ki gaya mani yadda zan yi da mijina" ba. Takan kewaya, ta aje maganar a bakin ƙofa, ta ga ko za a ɗauka. Sau da yawa kuma abin da aka fara faɗa gwaji ne, ainihin maganar tana baya. Ana duba fuskarki a kan ƙaramar, kafin a fito da babbar. Shi ya sa nake cewa kada ki yanke mata. Ki buɗe hanya, ita za ta nuna maki inda ta dosa.

Addu'ar da kika tura ba laifi ba ce, addu'a ba ta taɓa zama laifi. Matsalar ita ce a bakinmu "Allah ya kawo sauƙi" ita ce kalmar da ake rufe zance da ita, kamar yadda ake cewa "to madalla" idan baƙo zai tashi. Amsarta guda ce tak, "amin", kuma ita ta ba ki. Don haka kada ki fassara gajeriyar amsarta da fushi. Haka ma "ki yi haƙuri". Haƙuri abu ne mai girma a addini da al'ada, amma ki dubi wadda ake gaya wa: tun dawowarta ɗaki haƙurin take yi, shi ya hana ta magana sai da kowa ya yi barci. Idan kalmar farko da ta ji daga gare ki ita ce haƙuri, abin da zai shiga kunnenta shi ne "ki daina faɗa".

Na koyi wannan da tsada. A farkon aikina wata matashiya ta tsaya bayan kowa ya watse, tana ta gyara goyo, ta ce mani tun da aka yi mata kishiya abinci ba ya shiga. Kafin ta dire numfashi na fara: ta riƙa kwalliya, ta gyara girki, ta yawaita addu'a, kada ta biye wa zugar ƙawaye. Ina magana tana "to, to, na gode". Na koma gida ina ganin na taimaki baiwar Allah. Ba ta sake tsayawa wurina ba. Bayan watanni wata abokiyar aikina, wadda ta fi ni shekaru da natsuwa, ta gaya mani cewa yarinyar nan dukanta ake yi, maganar kishiya ƙofa ce kawai ta ƙwanƙwasa. Ita abokiyar tawa ba ta yi wata dabara ba, cewa ta yi "ina jin ki, sai me ya faru?" ta yi shiru. Har yau idan na ji mutum yana jera mani "to, to, to" da sauri, na san na yi gaba na bar shi a baya.

Yanzu ga abin da za ki yi, kuma yau, kada ki bari ya ƙara kwana. Ki tura mata gajeren saƙo, na murya ya fi, tunda da murya ta zo maki. Kamar haka: "Na sake jin saƙonki, tun shekaranjiya yana raina. Na ji daɗi da ni kika gaya wa. Amsar da na ba ki ta yi kaɗan. Yaushe kike ke kaɗai in kira ki?" Kada ki sa nasiha ko ɗaya a ciki. Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci: a gidan da uwar miji ke shiga da fita, kiran da ya same ta gaban mutane "lafiya lau" kawai zai samo. Ki bar ta ta zaɓi lokacin, wataƙila da hantsi bayan maigida ya fita, ko bayan azahar idan yaro ya yi barci. Ki kuma kiyaye abin da kike rubutawa, don waya a gidan aure ba kullum hannu ɗaya ke riƙe ta ba. Kalma mai zafi a kan mijinta da aka karanta a wayarta za ta iya jawo mata abin da ya fi na yanzu.

Idan kin kira, ki tabbata kina da akalla rabin awa, ba kina tsaye kan tukunya ba. Bayan gaisuwa da tambayar yaro, ki ce, "Ba ni labarin yadda kwanakin nan suke." Daga nan aikinki ya koma abu biyu: shiru, da mayar mata da maganarta.

Mayar da magana shi ne ki ɗauki abin da ta faɗa, ki haɗa da abin da kika ji a ƙarƙashinsa, ki miƙa mata a jimla ɗaya ta duba ko haka ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Carl Rogers, shi ya yi fice da wannan hanya tun wajen shekarun 1950, kuma har yau ita ake fara koya wa masu aikin ba da shawara. A ce ta ce maki, "Ko wanka na yi mashi sai ta ce ban iya ba, ta karɓe ta sake." Bakinki zai so ya ce, "Ai tsofaffi haka suke, ki ɗauke ta kamar Inna." Ki danne wannan. Ki ce, "Wato har kin fara jin kamar ba a yarda ke ce uwarsa ba." Sai ki yi shiru. Idan kin dace, za ki ji ta ce "wallahi Yaya haka ne", ta ci gaba da abin da ba ta faɗa a saƙon ba. Idan kin kuskure, za ta gyara maki: "A'a, ita ba ta dame ni sosai ba, shi ne da ba ya ko tambayata yadda na kwana." Kin ga kuskuren ma ya yi amfani, don ya fito maki da inda ciwon yake. Da kin fara da nasiha a kan uwar miji, da kin ɓata rabin awa kina shafa magani a inda ba ya ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.

Shirun kuwa shi ne mafi wuya, musamman a waya inda ba fuska. Idan ta tsaya, ki ƙirga biyar a zuciyarki kafin ki ce komai. Za ki ji kamar shekara. Sau da yawa a cikin biyar ɗin nan ne babbar magana take fitowa. Idan ta fashe da kuka kada ki ce "daina kuka", ki ce "ina nan, ban tafi ba". Kada kuma ki karɓe zancen da labarin naki auren. "Ni ma lokacin da na haifi na fari..." tana da daɗin faɗa, amma tana juya fitilar daga kanta zuwa kanki, sai ta koma ita ke sauraron ki.

Abu ɗaya da za ki yi taka-tsantsan da shi ƙwarai: kada ki zagi mijin, kada kuma ki kare shi. Idan kin ce "ai bai kyauta ba, namiji ba ɗan goyo ba ne", gobe su shirya, ita za ta riƙa jin nauyinki, ta daina kawo maki magana. Idan kin ce "ƙila aiki ne ya yi mashi yawa", kin zama lauyansa. Ki tsaya a kan abin da ita take ji, wanda shi ne kaɗai kike da tabbas a kansa, tunda ɓangare ɗaya kika ji.

Bayan ta juye, za ki ji alama: muryarta ta sauka, ta fara jan numfashi, wataƙila ma ta tambaye ki yaranki. A nan ne, ba kafin nan ba, za ki yi tambayar da za ta warware maki abin da kika kawo mani. Ki ce, "Kina so mu yi tunanin abin da za a yi tare, ko yau dai so kike ki sauke abin da ke ranki? Duk wanda kika zaɓa ina nan." Dalilin da ya sa ba a fara da ita shi ne, idan kin jefa mata ita tun farko, kunya za ta sa ta ce "ba komai Yaya, dama na faɗa ne kawai", ƙofa ta sake rufuwa. Jimlar ƙarshe ta "duk wanda kika zaɓa" ita ke cire mata nauyin cewa dole ta karɓi shawarar babba.

Idan ta ce sauke kaya kawai take so, ki yarda da ita da gaske. Kada ki ce "to" sannan ki zago ta bayan gida da "amma dai da ni ce". Ki gode mata, ki yi mata addu'a, yanzu addu'ar ta zo a muhallinta, ki ce za ki kira ta jibi, kuma ki kira ɗin. Kiran na biyu ya fi na farko nauyi a wurinta, don shi ke nuna ba a gaji da ita ba.

Idan kuma ta ce tana son shawara, har yanzu da sauran tsari. William Miller da Stephen Rollnick, waɗanda suka tsara wata hanyar tattaunawa da ake amfani da ita a asibitoci, littafinsu na farko a kanta ya fito a 1991, sun lura cewa mai taimako yana da wata ɗabi'a ta son gyara abu da zarar ya ga ya karkace. Sun kuma lura cewa idan mutum yana tsakanin ra'ayi biyu ka ja shi gefe ɗaya, sai ya kama kare ɗayan. Kin san wannan a aikace: ki ce mata "ki zaunar da shi ku yi magana", ta ce "ai ba ya saurare". Ki ce "to ki gaya wa yayarsa", ta ce "ai bakinsu ɗaya". Duk shawarar da kika kawo tana da "ai" da ke jiran ta. Idan kin ji "ai" sau biyu a jere, ki tsaya, ba taurin kai take yi ba, ke ce kika yi sauri. Maganinsa shi ne ki fara tambayarta: "Me kika riga kika gwada? Me ya faru da kika gwada? Ke a ganinki me zai fi sauƙaƙa maki a satin nan?" Sannan ki nemi izini ki kawo abu ɗaya, ɗaya tak, ƙarami: misali ta roƙi a bar mata awa uku na barci da rana wani ya riƙe yaron, kuma wa ya fi dacewa da riƙon nan in ba kakar da ke son a san ta iya reno ba? Sai ki rufe da "ya kika gani, zai yiwu a gidanku?" Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda aka nemi shawararsa amintacce ne, wato amana aka ba shi. Cikin riƙon amanar nan har da kada ki ba ta shawarar da ta dace da gidanki na Katsina alhali ita ce za ta kwana da sakamakonta a Daura.

Duk lokacin da nake koyar da ƙananan ma'aikata wannan, nakan tuna masu da Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, a hadisin farkon wahayi da ke farkon Sahihul Bukhari. Manzon Allah ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa, yana cewa a lulluɓe shi. Ta lulluɓe shi har tsoron ya tafi. Sannan ya ba ta labari, ya ce ya ji wa kansa tsoro. Sannan ta ƙarfafa shi da halayensa da ta sani: yana sada zumunci, yana ɗaukar nauyin mai rauni, yana girmama baƙo. Bayan wannan duka ne ta kai shi wurin Waraƙa bin Naufal, wanda yake da ilimin abin. Ki dubi jerin: natsuwa, saurare, ƙarfafawa da gaskiya, sai kai wa masani. Jagorar taimakon farko ga wanda ke cikin tashin hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ma a kan kalmomi uku ta tsaya: duba, saurara, haɗa shi da inda zai sami taimako.

Wannan na ƙarshen ya kawo ni ga abin da na ce ya tsaya mani a rai. "Na gaji" a bakin maijego tana iya nufin gajiyar jiki, wadda barci da abinci da taimako ke magancewa. Tana iya nufin na gaji da gidan nan. Tana kuma iya nufin abin da ya fi haka nauyi. Mata da yawa suna samun 'yar damuwa da saurin kuka a kwanakin farko bayan haihuwa, wadda ke wucewa da kanta cikin mako biyu. Wadda ta wuce mako biyu tana nan, ko ta taso daga baya ta zauna, ana zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa ne. Ba abu ne mai wuyar samu ba: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana fuskantar matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa. A wurinmu yakan ɓuya, domin lokacin wanka tana gida cikin 'yan'uwa, ana dama mata kunun kanwa, ana karɓar mata yaro. Ranar da ta koma ɗakinta duk wannan ya yanke a lokaci ɗaya. Makonnin bayan arba'in su ne nake fi sa wa ido.

Don haka ko da ta ce maki kunne kawai take so, akwai tambayoyin da za ki yi, cikin taushi, bayan kin saurare ta. Ki ce, "Da kika ce kin gaji, wace irin gajiya?" Sannan ki tambayi barcin da kyau: idan yaro ya yi barci, ita tana iya yi? Wannan tambaya tana raba abubuwa biyu. Wadda yaro ke hana barci, da ya kwanta ita ma ta ɓingire. Wadda ke kwance ido biyu yaro na barci, tunani na juya ta, wannan wani abu ne dabam. Ki tambayi cin abinci. Ki tambaya ko akwai abin da ke faranta mata rai yanzu, ko komai ya zama ɗaya. Ki saurara ko tana yawan cewa ita ba uwar kirki ba ce, ko tana jin yaron kamar ba nata ba. Idan yawancin waɗannan suna nan kusan kullum fiye da mako biyu, saurare kaɗai bai isa ba, tana bukatar ganin ma'aikacin lafiya. Ciwo ne da ake magancewa, ta hanyar tattaunawa da masani, wani lokaci da magani, kuma akwai magungunan da likita ke bayarwa ga mai shayarwa. Ba raunin imani ba ne, kuma addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Hanya mafi sauƙi ita ce ranar rigakafin yaro: akwai na mako 10 da na mako 14 a gabanta, fita ce da ba wanda zai tambayi dalili. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti yadda take ji, a duba jininta ma, don ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo kasala mai kama da wannan. Daga nan za a iya tura ta asibitin gwamnati da ke Daura, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina.

Akwai tambayoyi biyu da mutane ke tsoron yi, ni kuma nake roƙonki ki yi su idan kin ji maganarta ta yi duhu. Ta farko: "Yana taɓa lafiyar jikinki, ko kina jin tsoronsa?" Ta biyu: "Kin taɓa jin gara ma ba ki raye, ko tunanin cutar da kanki ya zo maki?" Na san nauyinta a harshe, musamman ga musulma da ta san hukuncin abin, kuma wannan nauyin ne ke sa mai irin tunanin ta ɓoye shi ta zauna da shi ita kaɗai. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi, bincike ya tabbatar da haka. Idan ta ce eh, kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki fara mata wa'azin wuta. Ki ce kin gode da ta faɗa, ki tambaya ko ta yi tunanin yadda za ta yi, ki tabbata ba a bar ta ita kaɗai ba, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda take, a kai ta asibiti a ranar. Haka kuma idan ta fara jin muryoyi, ko tana faɗin abin da ba ya kan hanya, ko ta kwana biyu ba ta runtsa ba kuma ba ta jin gajiya, ko tana tsoron za ta cutar da yaron. Wannan na gaggawa ne. A nan gida an fi kai irinsa wurin masu ruƙiyya da sunan iska, a yi makonni, alhali asibiti na da maganinsa.

A nan ne alƙawarin ɓoye wa Inna yake da iyaka, kuma gara ki faɗa mata iyakar tun kafin a zo wurin. Ki ce, "Maganarki tana wurina, ba wanda zai ji. Sai dai idan na ga ranki ko na yaron na cikin haɗari, zan nemo taimako, kuma ke zan fara gaya wa kafin kowa." Idan ba a kai can ba, ki riƙe sirrin da gaske, har ga mijinki da sauran 'yan ɗakinku. Ranar da ta ji maganarta a bakin wata a gidan suna, kin rasa ta, kuma wataƙila ba za ta sake gaya wa kowa ba. Idan daga baya kin ga ya kamata manya su shiga, ki shawo kanta ta yarda, ku zaɓi wanda za a fara gaya wa tare, ko Inna, ko wata gwaggo mai sanyin hali da dangin mijin ke jin nauyinta.

Za ki gane kiran ya yi amfani idan ita ta fi ki magana, idan ta faɗi wani abu da babu shi a saƙon farko, idan kuma ta sake nemanki da kanta cikin 'yan kwanaki. Idan ta koma "lafiya lau, komai ya wuce" da sauri, kada ki matsa, kada kuma ki ɗauka ya wuce ɗin. Ki ci gaba da kiran gaisuwa duk bayan kwana biyu ko uku, ba tare da tono zancen kullum ba.

In da hali, ki shirya ki je. Daura ba nisa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a mota daga Katsina, kuma yaya ta zo ganin ɗa ba abin da zai tayar wa kowa da hankali. Ki tafi da ɗan abin hannu na uwar mijin, ki gaishe ta da kyau, ki yaba ƙoƙarinta a kan jikanta. Ki dubi ƙanwarki da idonki: ramarta, ɗakinta, yadda take kallon yaron idan yana kuka, abubuwan da waya ba za ta nuna maki ba. Sannan ki karɓi yaron ki goya, ki ja mata ƙofa, ki ce ta kwanta sai la'asar.